Wasiƙar haɗe sassa biyu: abin da za a faɗa wa ma'aikata da yadda za a faɗe shi

Tambaya: "Ni ne darakta a wani kamfani a nan Maraɗi. Da damina muna sayar da taki da iri, da kaka muna sayen wake da riɗi da aya. Mai kamfani ya yanke shawarar haɗe sashen saye, mai mutum tara, da sashen mangaza, mai mutum goma sha huɗu, daga 1 ga Satumba. Shugaba ɗaya zai rage, kuma akwai magatakarda biyu da aikinsu zai zama iri ɗaya, har yanzu ba a san yadda za a yi da su ba. An ce in rubuta wa ma'aikata wasiƙa. Ba na son in yi ƙarya, ba na kuma son in tayar da hankali. Me zan rubuta?"

Amsa: Malam, kafin ka ɗauki alƙalami ka samu takarda ka raba maganar nan gida uku. Gida na farko shi ne abin da aka riga aka yanke, wanda ba zai sauya ba ko da wa ya yi kuka. Na biyu shi ne abin da ba a yanke ba tukuna. Na uku shi ne ranar da za a yanke shi da wanda zai yanke. Duk wasiƙar da za ka rubuta a kan waɗannan ukun za ta tsaya, kuma yawancin wasiƙun da na ga sun jawo rikici a wurin aiki sun lalace ne saboda an cuɗanya na farko da na biyu: ko dai a rubuta abin da aka gama yankewa kamar ana neman shawara a kansa, ko a rubuta abin da ba a sani ba kamar an tabbatar da shi. Hankalin ma'aikaci yana kwanciya ne idan ya san inda ƙafarsa take, ko da wurin ba mai daɗi ba ne. Kalmomi masu taushi ba sa yi masa wannan aikin.

Ka tuna wanda zai karanta takardar. Mai awo a mangaza ko mai saye da yake yawo tsakanin kasuwannin Tasawa da Dakoro, idan ya karɓi wasiƙa daga darakta, idonsa yana neman amsar tambayoyi kaɗan ne, kuma a jere suke a zuciyarsa: shin ina da aiki, shin albashina zai taɓu, wa zan riƙa kai wa rahoto, kuma yaushe abin zai fara. Sai ya samu waɗannan sannan zai iya sauraron dalili. Saboda haka, bayan sallama da gaisuwa ta layi ɗaya ko biyu, labarin ya fito a sakin layi na farko. Mu Hausawa muna da al'adar shimfiɗa kafin magana mai nauyi, kuma a baki al'ada ce mai kyau, amma a rubuce, shimfiɗa mai tsawo tana ƙara faɗuwar gaba, domin mai karatu ya riga ya ji ƙishin-ƙishin, yana kuma ganin kana kewaya abin da yake tsoro.

Akwai aikin da dole ya gabaci wasiƙar, kuma ya fi ta wuya. Mutum uku ne bai kamata su fara jin labarinsu a takarda ba: shugaban sashen da zai rasa kujerarsa, da magatakardan nan biyu. Shugaban da zai sauka, ka zauna da shi kai da mai kamfani, ƙofa a rufe, kwana biyu ko uku kafin wasiƙar ta fita, ka gaya masa an zaɓi abokin aikinsa, ka gaya masa dalili na gaskiya, ka kuma sa masa a gaba abin da ake ba shi: sunan muƙamin, aikin da ke cikinsa, da abin da zai faru da albashinsa da kuɗin muƙamin da yake karɓa. Kada tazarar ta wuce ƴan kwanakin nan, don magana ba ta daɗewa a ɓoye a garin da ma'aikatanka suke sallah a masallaci ɗaya, suke haɗuwa a wurin suna da biki. Idan mutumin nan ya ji saukarsa daga bakin yaronsa, ko ya gan ta manne a allo, ka yi asarar sa ko da bai ajiye aiki ba, kuma mutanensa za su bi shi a zuci.

A nan doka ta shigo, kuma ya kamata ka san iyakarta kafin ka rubuta kalma ɗaya game da muƙami ko albashi. Tsara yadda sassa za su zauna hurumin mai kamfani ne. Amma abin da ke cikin yarjejeniyar aikin mutum, kamar albashinsa da matsayinsa, ba a sauya shi da sanarwa ta gaba ɗaya. Ana yin sa da yardar mai shi, a rubuce, tsakaninsa da kamfani. Idan kuma haɗewar za ta kai ga sallamar wani saboda sake tsarin aiki, dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta shimfiɗa hanya: sai an zauna da wakilan ma'aikata, sufeton ƙwadago yana wurin, kuma sai an aika musu da takardun da suka bayyana dalilai da adadin waɗanda abin zai shafa aƙalla kwana 15 kafin zaman. Idan wanda za a sallama wakilin ma'aikata ne, sai da izinin sufeton. Ma'anar wannan ga wasiƙarka ita ce, ba za ta zama takardar sallama ba, ba kuma za ta nuna cewa an riga an yanke hukunci a kan wani kafin a bi wannan hanya ba. Ina ba ka shawara ka leƙa ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi da daftarin a hannu kafin ka sa hannu, sannan ka kira wakilan ma'aikata ka karanta musu shi da safiyar ranar da zai fita. Ba izininsu kake nema ba, amma su ne za a tare da tambaya a bakin ƙofa, kuma wakilin da aka bari cikin duhu ba zai kare maganar da bai sani ba.

Yanzu ga wurin da gaskiyarka za ta sha gwaji, wato maganar magatakarda. Zuciya za ta ce maka ka rubuta "babu wanda zai rasa aikinsa", don jumla ce da take kashe wuta nan take. Kada ka rubuta ta sai idan mai kamfani ya amince da ita a gabanka, kuma ya san cewa ya ɗaure kansa. Idan ka rubuta ta yau, bayan wata uku aka sallami mutum ɗaya, ba mutum ɗayan kawai ka yaudara ba. Duk takardar da za ta ƙara fitowa daga ofishinka za a karanta ta da kunnen ƙashi. Haka kuma kada ka yi shiru a kan batun, domin kowa a sassan nan biyu ya san cewa littafin shigar kaya ɗaya ne zai rage, kuma shirunka za a fassara shi da mafi munin abin da ake zato. Hanyar da ta rage ita ce ka faɗi iyakar abin da ka sani: ayyuka ashirin da ɗaya suna nan daram, ayyuka biyu na rubuta kaya za su koma ɗaya, ba a yanke shawara a kansu ba, ana duba ko akwai gurbi a wani sashe, an riga an yi magana da masu su, kuma za a ba da amsa a rana kaza. Wannan ranar ka ƙwato ta daga bakin mai kamfani kafin ka rubuta. Idan ya ƙi ba da rana, gara a jinkirta wasiƙar da mako guda a kan a fitar da ita da "nan gaba kaɗan", kalmar da kowane ma'aikaci ya san tana iya zama shekara.

Dalilin haɗewar kuma, ka ba da na gaskiya, ka ba da shi da abin da mutane suka gani da idonsu. Jumloli irin su "domin inganta aiki" ko "domin tafiya da zamani" ba sa ɗauke da komai, kuma mai karatu yana jin ƙanshin ɓoye-ɓoye a cikinsu. A kamfani irin naku, dalilin yakan kasance a fili: mai saye ya ƙulla ciniki a ƙauye, babbar mota ta iso da buhunan wake, mangaza ba ta san da zuwanta ba, babu wurin sauke kaya, motar ta kwana a ƙofa ana biyan kuɗin jira, ko kuma littafin sashen saye ya ce buhu ɗari huɗu, na mangaza ya ce ɗari uku da casa'in, a kwashe mako ana neman inda goma suka shiga. Idan irin wannan ne ya faru a wurinku, shi za ka rubuta. Amma ka rubuta shi ta yadda laifin zai sauka a kan tsari, kada ya sauka a kan mutane. Akwai bambanci tsakanin cewa "mangaza ba ta shirya karɓar kaya" da cewa "tsarin da muka kafa bai ba sassan biyu hanyar sanin abin da kowanne yake yi a kan lokaci ba". Ta farkon ta ɗora wa mutum goma sha huɗu laifi a bainar jama'a, sannan ka ce su zauna da sauran tara a ɗaki ɗaya. Idan kuma rage kashe kuɗi yana cikin dalilan, ka faɗe shi a sarari a jumla ɗaya. Ma'aikata sun san yadda kasuwa take, sun ga abin da rufe iyaka ya yi wa harkar Maraɗi da Katsina a 2023, ba za su yi mamaki ba. Abin da zai ba su haushi shi ne su gano daga baya cewa ka ɓoye.

Wani abu da masu rubuta irin wannan wasiƙa suke yawan mantawa shi ne, a kowace haɗewa akwai ɓangaren da yake jin an haɗiye shi. Idan shugaban mangaza ne zai riƙe sabon sashen, kuma ofishin mangaza za a zauna, kuma sunan mangaza ya rage, to mutanen saye za su ce ba haɗewa aka yi ba, rushe su aka yi. Idan hakan ne gaskiyar lamarin, kada ka kira shi haɗewar tsara da tsara. Idan kuwa da gaske haɗewa ce, sai alamominta su fito a takarda: sabon suna da ba na kowa ba, ambaton sassan biyu da daraja ɗaya, da muƙami mai aiki na gaske ga shugaban da ya sauka. Muƙamin "mai ba da shawara" wanda ba shi da tebur ba shi da sa hannu, kowa ya san ma'anarsa.

Tunda sashen saye da mangaza kuke haɗewa, dole in tsaya a kan wani haɗari, domin ma'aikatanka masu lura za su tambaye ka shi. Rabuwar sassan nan biyu ba banza aka yi ta ba tun farko. Wanda ya sayo kaya daban, wanda ya auna ya karɓa daban, kowanne yana zama shaida a kan ɗaya. Ranar da suka koma ƙarƙashin mutum ɗaya, wanda ya ce a saya shi ne yake cewa kaya sun iso cif, kuma idan aka samu gibi babu littafi na biyu da za a gwada da shi. Wannan ba zargi ba ne ga kowa. Kariya ce ga mai gaskiya, don shi ne yake rasa hujja idan lissafi ya ƙi. Maganin da aka saba yi shi ne a bar sa hannu biyu a kan takardar karɓar kaya, wanda ya saya ba zai zama wanda ya auna ba, sannan ƙidayar kaya ta ƙarshen wata ta koma hannun sashen kuɗi. Ka sa wannan cikin wasiƙar a layi biyu. Yana nuna cewa an yi tunani, yana kuma sauke nauyi daga kan sabon shugaban.

Ga yadda zan rubuta ta da ni ne a kujerarka. Na ɗauka cewa shugaban mangaza aka zaɓa, albashi ba zai taɓu ba, kuma mai kamfani ya ba da 20 ga Agusta a matsayin ranar amsa. Inda naku ya bambanta sai ka gyara, ka kuma sa sunayen shugabannin a inda na ambaci muƙamansu.

"Zuwa ga dukan ma'aikata. Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya tare da iyalanku.

"Na rubuto ne in sanar da ku cewa daga ranar 1 ga Satumba, sashen saye da sashen mangaza za su zama sashe ɗaya mai suna sashen kaya. Mai kamfani ya yanke wannan shawara, kuma ta tabbata. Albashin kowa, da shekarun aikinsa, da rajistarsa a asusun fanshon ma'aikata na CNSS suna nan yadda suke. Ayyuka ashirin da ɗaya daga cikin ashirin da uku na sassan biyu suna nan ba tare da wani sauyi a yawansu ba. Akwai ayyuka biyu da ba a gama yanke shawara a kansu ba, kuma zan yi bayaninsu a ƙasa.

"Dalilinmu shi ne wannan. A kakar da ta wuce kun ga motoci sun iso da kaya ba a shirya musu wuri ba, kun kuma ga lokacin da muka ɓata muna daidaita littafin saye da littafin mangaza. Wannan ba gazawar wani sashe ba ce. Tsarin da mu shugabanni muka kafa ne ya raba aiki ɗaya gida biyu. Muna so ciniki da wurin ajiya su kasance a hannu ɗaya kafin kakar bana ta kama. Ba zan ɓoye muku ba cewa rage kashe kuɗi yana cikin lissafinmu.

"Shugaban sashen mangaza na yanzu shi ne zai shugabanci sabon sashen. Shugaban sashen saye zai zama mataimakinsa, kuma shi ne zai ci gaba da riƙe hulɗa da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoma, da tsayar da farashin saye. Na zauna da su duka biyun kafin wannan wasiƙa. Masu saye za su ci gaba da kai wa mataimakin rahoton ciniki kamar yadda suka saba. Abin da zai sauya shi ne, ba za a tura mota ɗaukar kaya ba sai shugaban sashe ya tabbatar akwai wurin sauke su. Takardar karɓar kaya za ta ci gaba da ɗaukar sa hannu biyu, wanda ya saya ba shi zai auna ba, kuma sashen kuɗi ne zai riƙa ƙidayar ƙarshen wata.

"Game da ayyuka biyun da na ambata: littafin kaya zai koma ɗaya, saboda haka aikin magatakarda biyu zai koma na mutum ɗaya. Ba a yanke hukunci a kan kowa ba. Muna duba ko akwai gurbin da ya dace a sashen kuɗi ko a wurin sayar da taki. Ba zan yi muku alkawarin abin da ban tabbatar ba, amma na yi alkawarin cewa waɗanda abin ya shafa za su ji amsa daga bakina ranar 20 ga Agusta, kuma duk abin da za a yi zai bi dokar ƙwadago, da sanin wakilanku.

"Na san labari irin wannan yana sa damuwa, ko ga wanda aikinsa bai taɓu ba. Yau bayan sallar la'asar za mu taru a harabar mangaza in amsa tambayoyinku. Wanda yake son magana shi kaɗai, zan kasance a ofishina kowace safiya ta wannan mako daga ƙarfe takwas zuwa tara, ko ya bi ta hannun wakilin ma'aikata. Abin da na sani zan faɗa, abin da ban sani ba zan ce ban sani ba. Na gode da aikinku. Allah ya yi mana jagora."

Ka lura da ƴan abubuwa a cikinta. Wasiƙar ta ce "mai kamfani ya yanke" kuma ta ce "mu shugabanni muka kafa", ba ta fake da "an ga ya dace" ba. Hausa tana ba mu sauƙin ɓoye mai aiki da "an yi" da "aka ce", kuma a takardar sanarwa wannan sauƙin tarko ne, domin ma'aikaci yana son ya san wa ya yanke kuma wa zai tambaya. Ba ta ce kana farin cikin sanar da su ba, tunda akwai mutum uku da ba farin ciki suke ba, kuma kowa ya san su. Ba ta kuma cika da ban haƙuri ba. Jumla ɗaya da ta amince cewa akwai damuwa ta isa. Idan ka maimaita ta sau uku, mai karatu zai ɗauka akwai wani mugun abu da ba ka faɗa ba. Sunayen magatakardan ba su fito ba, ko da yake an san su, saboda takarda tana yawo, kuma ba daidai ba ne sunan mutum ya isa kasuwa a matsayin wanda aikinsa yake rawa. Kalmar "in sha Allah" kuma, wadda ba ma rabuwa da ita, idan za ka sa ta, ka sa ta kusa da rana tsayayya, kada ta maye gurbin ranar.

Sakin layin da ya shafi shugaban da ya sauka, ka karanta masa shi kafin ya fita, ka bar shi ya gyara kalma idan akwai wadda ta yi masa nauyi. Kada ka rubuta cewa ya yi murna ko ya goyi baya ɗari bisa ɗari idan bai ce haka ba. "Na zauna da su" gaskiya ce da za ka iya tsayawa a kanta. Idan kuma bai riga ya amince da sabon muƙamin a rubuce ba, sai ka ce an yi masa tayin muƙamin, kada ka ce ya zama.

Game da harshe, takardun ofis a wurinmu da Faransanci aka saba yin su, kuma wadda za ta shiga fayil da wadda za a kai wa sufeto da shi za ka rubuta. Amma masu awo da masu gadi da direbobi da yawa Hausa za su fi ji, wasu ma sai an karanta musu. Ka shirya ta cikin harsunan biyu da kanka, ka gwada su layi da layi, musamman ranaku da adadi da maganar ayyuka biyun nan. Idan ka bar wa wani ya fassara a tsaye a wurin taro, "ba a yanke hukunci ba" tana iya komawa "babu komai", ko ta koma "za a kori mutum biyu", gwargwadon zuciyar mai fassarar.

Fitar da ita ma tana da tsari. Kowa ya same ta a lokaci ɗaya, da safe, a farkon mako, kuma ranar da kai da mai kamfani kuna gari. Kada ka fitar da ita ranar Juma'a da rana ko jajibirin hutu, mutane su tafi gida da ita babu wanda za su tambaya, a kwana biyu ana juya ta a WhatsApp. Masu saye da suke ƙauye ka kira su ɗaya bayan ɗaya a waya a wannan safiyar, don su ne suka fi jin cewa an yi abu a bayan idonsu. Akwai kuma ƴan dako da masu ɗinkin buhu da ake biya kullum. Ba sa cikin ashirin da ukun nan, amma abincinsu yana ƙofar mangaza, saboda haka shugaban sashe ya tara su ya gaya musu da baki cewa aikinsu yana nan da wanda zai riƙa sa hannu a kan kuɗinsu. Lokacin da kuka zaɓa yana da kyau, tunda sayar da taki ya lafa kuma wake bai fara shigowa ba, amma hakan yana nufin wasiƙar ta fita a farkon Agusta, domin a samu makonni uku ko huɗu na miƙa littattafai da makullai. Ka sa a yi cikakkiyar ƙidayar kaya a ranar ƙarshe ta tsohon tsari, shugabannin biyu da sashen kuɗi su sa hannu, don kada sabon sashe ya gaji gibin da ba a san mai shi ba.

A wurin taron, tambayar da za ta fi yi maka nauyi ita ce: "Bayan wannan akwai wani?" Ka shirya amsarta tun kafin ka shiga. Idan babu wani shiri a kan tebur, ka ce babu wani shiri a yau, kada ka ce ba za a ƙara ba har abada. Idan akwai abin da ake tattaunawa wanda ba ka da ikon faɗa, ka ce akwai abubuwan da ake dubawa, ba a yanke komai ba, kuma za su ji daga gare ka kafin su ji a waje.

Za ka gane ko wasiƙar ta yi aiki daga irin tambayoyin da za su biyo baya. Idan ana tambayar ka wa zai riƙe makullin mangaza ta biyu, ko wa zai sa hannu a kan kuɗin mai na babur, to an fahimta, mutane sun koma tunanin aiki. Idan taro ya watse shiru babu tambaya ko ɗaya, sannan ka ga ana tsayawa biyu-biyu a bakin ƙofa, ko masu saye suka ci gaba da tura mota ba tare da sanar da sabon shugaban ba, ko wani da ba ka zata ba ya zo neman takardar shaidar aiki, to akwai abin da ba a yarda da shi ba, kuma wakilan ma'aikata ne za su gaya maka ko mene ne idan ka tambaye su a keɓe. Ranar 20 ga Agusta kuwa, ka kira magatakardan nan biyu tun da safe. Idan an samu gurbi, ka ba su a rubuce. Idan mai kamfani bai gama yanke shawara ba, ka kira su duk da haka, ka gaya musu abin da ya tsayar da ita da sabuwar rana, sannan ka manna gajeriyar sanarwa ta layi uku a allon da ka manna ta farko.